Ɗaukewar Al'ada a Rana Guda: Abin da Ke Biyo Bayan Cire Gidan Ƙwai

A kan takardar sallama da ake bai wa matar da aka yi wa aikin cire mahaifa, likita yakan rubuta wasu haruffa a gajarce. Idan ya rubuta TAH kaɗai, mahaifa ce aka cire ta hanyar yanka ciki. Idan ya ƙara da BSO, to an haɗa da gidajen ƙwai guda biyu da bututun da ke kai ƙwai cikin mahaifa. Mata da yawa suna ninke wannan takarda su jefa a jaka ba tare da an karanta musu ita ba, alhali waɗannan haruffa uku na ƙarshe su ne ke faɗin yadda jikinsu zai kasance daga wannan mako har tsufa.

Matar da aka cire wa mahaifa aka bar mata gidajen ƙwai za ta daina ganin jini, ba za ta sake ɗaukar ciki ba, amma jikinta yana nan yadda yake, domin gidajen ƙwan suna ci gaba da aikinsu. Ko guda ɗaya aka bari, ya isa. Wadda aka cire wa duka biyun tun tana al'ada kuwa, ta shiga ɗakin tiyata tana mai haila, ta fito ta zama wadda al'ada ta ɗauke wa, ko da shekarunta 30 ne.

Gidan ƙwai ɗan ƙaramin abu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagun mahaifa, kuma ba ƙwai kaɗai yake fitarwa ba. Shi ke zuba wa jini sinadarin istirojin, wanda ke kula da ƙarfin ƙashi, da laushin jijiyoyin jini, da damshin gaba, da barci, da daidaita zafin jiki. Shi ke fitar da furojestaron bayan kowace fitar ƙwai. Kuma kusan rabin sinadarin testostaron da ke jikin mace, wanda ake ɗauka na maza ne kaɗai, daga nan yake samuwa, kuma yana da hannu a sha'awa da kuzari.

Yawancin mata al'ada tana ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55. Kafin ta tsaya, ana shafe shekaru jini yana wasa: ya zo wannan wata, ya tsallake biyu, ya dawo kaɗan. A duk tsawon wannan lokaci istirojin yana hawa yana sauka, yana raguwa sannu a hankali kamar fitilar da kananzir ke ƙare mata, ƙwaƙwalwa da ƙashi da fata suna sabawa. Aikin tiyata kuwa hure fitilar yake yi gaba ɗaya. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu da cire gidajen ƙwai, istirojin na jini ya faɗi zuwa matakin na tsohuwa. Abin da ya rage shi ne ɗan abin da kitsen jiki ke sarrafawa, wanda bai kai ya riƙe mace mai ƙuruciya ba. Shi ya sa alamun suke zuwa da sauri kuma da ƙarfi fiye da na wadda al'ada ta ɗauke wa da kanta.

Yadda yake zuwa

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce mace ce mai shekara 41, uwar 'ya'ya biyar a Kano, wadda ƙarin mahaifa ya daɗe yana sa ta zubar jini har aka yi mata ƙarin jini. Aka yanke shawarar cire mahaifar. Da aka buɗe ciki sai aka tarar da ƙulli a gidan ƙwai ɗaya, ɗayan kuma ya manne da mahaifa, sai aka cire duka. Aiki ya yi kyau, aka sallame ta a kwana na biyar da maganin ciwo da na ƙarin jini, aka ce ta dawo a duba ɗinki.

A daren farko a gida sai ta farka ƙirjinta ya ɗauki zafi, zafin ya hau wuya ya mamaye fuska, zuciya tana bugawa da sauri, gumi ya jiƙa rigar barci da zanin gado. Bayan minti uku ko huɗu sai ya wuce ya bar ta da jin sanyi. Ta canja riga ta kwanta, kafin asuba ya dawo sau uku. Da rana ma haka, tana zaune da masu zuwa dubiya sai ta ji kamar ta cire mayafi ta fita waje. Cikin mako biyu barci ya gagara, abu kaɗan ya sa ta kuka, ta yi wa yara tsawa a kan abin da da ba ta kulawa, ta shiga ɗaki ta manta abin da ya kawo ta. Gwiwoyi da yatsu suna ciwo da safe.

Abin da ke faruwa a cikin jikinta sananne ne. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke auna zafin jiki, yana ba da umarnin a yi gumi idan zafi ya yi yawa. Idan istirojin ya ɓace farat ɗaya, wannan wuri yakan rikice, har ɗan ƙarin zafi da bai kai a ji shi ba ya sa shi buɗe jijiyoyin fata ya saki gumi. Shayi mai zafi, yaji, ɗaki marar iska, ɓacin rai, duk suna iya tayar da shi. Wadda aka yi wa aikin a watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura kuma wuta ba ta zama, ita kaɗai ta san abin da take sha.

A ƙasarmu, zafin jiki da gumi da ciwon gaɓoɓi suna da suna tun kafin a je asibiti: zazzaɓin cizon sauro ne, ko taifot. Don haka matar nan za ta sha maganin maleriya, ta sake sha, a yi mata gwajin taifot a ɗora ta a kan ƙwayoyi na kwana goma. Idan faɗuwar gaba da kukan suka yi yawa, wata a dangi za ta ce iska ce, ko kuma an yi mata sammu tana kwance a asibiti. Wata uku za su wuce, kuɗi ya tafi, ba wanda ya waiwayi takardar sallamar.

Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabewa, kuma ya kamata kowane gida da aka yi wa mace aiki ya mallaki ma'aunin zafin jiki saboda ita. Tashin zafi na rashin istirojin yana zuwa ya tafi cikin 'yan mintuna, kuma idan aka auna za a ga zafin jiki bai wuce ƙa'ida ba. Zazzaɓi na gaske yana zama, ma'auni yana nuna 38 ko sama. Bayan tiyata, zafi 38 tare da ciwon ciki mai ƙaruwa, ko ruwa mai wari daga ɗinki ko daga gaba, ko zafin fitsari, alamar ƙwayar cuta ce, a koma asibiti a ranar. Haka kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, ko numfashi ya riƙa yankewa, domin yana iya zama gudan jini ne a jijiya, kuma wannan ba ya jiran gobe. Gumin dare da ya haɗu da tari da rama kuwa, sai a nemi tarin fuka. Bayan an kawar da waɗannan, matar da aka cire wa gidajen ƙwai biyu ba ta buƙatar wani gwajin jini mai tsada don a tabbatar al'adarta ta ɗauke. Takardar aikin ta isa shaida.

Akwai kuma abin da ke zuwa daga baya, wanda kunya ke hana a faɗa. Bayan wasu watanni fatar cikin farji takan yi siriri ta bushe, saduwa ta koma zafi da ƙuna, wani lokaci har da ɗan jini. Fitsari yakan matsa sau da yawa, ciwon sanyi na mafitsara ya riƙa dawowa. Sha'awa takan ja baya, wani ɓangare saboda ciwon, wani saboda testostaron da ya ragu. Tashin zafi yakan lafa da shekaru, amma bushewar gaba ba ta lafawa da kanta, ƙaruwa take yi. A gidan da miji bai san dalili ba, sai ya ɗauka gudunsa ake yi, ita kuma ta shiga tsoron kishiya, ta koma wajen masu kayan mata. Matsi da haɗe-haɗen da ake cusawa a fatar da ta riga ta yi siriri ƙara mata rauni suke yi, su buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Abin da ba a ji a jiki

Da wahalar ta tsaya a kan gumi da rashin barci, da sai a ce kowace mace ta zaɓa: ta jure ko ta sha magani. Amma akwai ɓarnar da ke tafiya shiru. Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe tsohonsa ana gina sabo, kuma istirojin ne ke riƙe linzamin rushewar. A shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada ta ƙa'ida, mace takan rasa kimanin kashi 2 cikin 100 na ƙarfin ƙashinta a kowace shekara, bayan tiyata kuwa abin ya fi sauri. Matar misalinmu ta fara wannan asara shekara goma kafin lokacinta. Ba za ta ji komai ba sai ranar da ta zame a banɗaki tana da shekara sittin, ƙugu ko wuyan hannu ya karye, ko bayanta ya fara ranƙwafawa.

Zuciya ma haka. A shekarar 2006 masu bincike na Asibitin Mayo da ke jihar Minnesota ta Amurka, ƙarƙashin Walter Rocca, suka wallafa sakamakon bin diddigin matan yankinsu da aka cire wa gidajen ƙwai. Sun gano cewa waɗanda aka cire wa duka biyu kafin shekara 45, kuma ba a ba su istirojin ba, sun fi takwarorinsu mutuwa da wuri. A 2009 William Parker da abokan aikinsa suka duba ma'aikatan jinya mata kimanin 29,000 a Amurka da aka cire wa mahaifa ba don ciwon daji ba, aka bi su shekara 24. Waɗanda aka haɗa da gidajen ƙwansu sun samu raguwar dajin gidan ƙwai da na nono, amma ciwon zuciya ya fi kama su, kuma idan aka haɗa lissafi gaba ɗaya mace-mace sun fi yawa a cikinsu.

Waɗannan bincike su suka sauya tunanin likitocin mata. A da, idan mace ta haura arba'in kuma ta gama haihuwa, ana ganin tunda an riga an buɗe ciki gara a cire gidajen ƙwai don kada daji ya kama su nan gaba. Yanzu an san cewa ga macen da ba ta da gadon cutar, haɗarin dajin gidan ƙwai a duk rayuwarta bai kai kashi 2 cikin 100 ba, ciwon zuciya kuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata. An kuma gano cewa da yawa daga dajin da ake kira na gidan ƙwai daga bakin bututun yake farawa. Don haka abin da aka fi yi yau shi ne a cire mahaifa da bututun, a bar gidajen ƙwai idan lafiyarsu ƙalau.

Duk da haka akwai inda cirewar ta zama dole kuma ita ce daidai: dajin gidan ƙwai ko na mahaifa, ƙurji mai mugunya da ya cinye wurin, ciwon indometiriyosis mai tsanani inda naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta, da kuma gadon ƙwayar halitta mai lahani. Macen da ta gaji lahanin da ake kira BRCA1, haɗarin dajin gidan ƙwai a gare ta ya kai kimanin huɗu cikin goma, shi ya sa ake ba ta shawarar cirewa tsakanin shekara 35 zuwa 40, bayan ta gama haihuwa. Jarumar fina-finan Amurka Angelina Jolie, wadda mahaifiyarta ta rasu da ciwon daji, ta yi wannan aiki a 2015 tana da shekara 39, ta kuma bayyana wa duniya cewa ta koma amfani da filastar istirojin tare da robar mahaifa mai furojestaron.

Mayar wa jiki abin da aka ɗauke

Babban magani shi ne a mayar da istirojin, abin da likitoci ke rubutawa HRT. Ga macen da aka cire wa gidajen ƙwai kafin lokaci, ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin mata suka yi ittifaƙi a kai ita ce a ba ta shi har ta kai kimanin shekara 51, wato shekarun da al'ada kan ɗauke da kanta, matuƙar babu dalilin hanawa. Ana ba ta ko da tashin zafin bai dame ta ba, saboda ƙashi da zuciya.

A nan ne tsoro ke shigowa, har a wajen wasu ma'aikatan lafiya: ai maganin nan yana kawo dajin nono. Tsoron yana da asali. A watan Yulin 2002 aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka mai suna WHI, wanda ya ƙunshi mata sama da 16,000, saboda an ga ƙaruwar dajin nono da gudan jini da shanyewar ɓarin jiki a tsakanin masu shan istirojin haɗe da wani nau'in furojestaron. Labarin ya zaga duniya, miliyoyin mata suka watsar da maganinsu. Abin da bai zaga ba shi ne matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne, yawancinsu sun daɗe da daina al'ada. Kuma a ɗaya ɓangaren gwajin, na mata kusan 11,000 da ba su da mahaifa aka ba su istirojin kaɗai, dajin nono bai ƙaru ba. Ɗora sakamakon 'yar shekara 63 a kan 'yar shekara 41 kuskure ne da ya cutar da mata masu yawa. Ita wannan, abin da ake ba ta shi ne abin da jikinta zai ci gaba da yi da kansa shekara goma masu zuwa da ba a taɓa shi ba.

Tambayar farko da likita zai yi ita ce: akwai mahaifa ko babu? Idan babu, kamar matar misalinmu, istirojin kaɗai ya wadatar. Idan gidajen ƙwai kaɗai aka cire mahaifa tana nan, dole a haɗa da furojestaron, ko na ƙwaya ko na robar da ake sa wa a mahaifa. Istirojin shi kaɗai yana kumbura shimfiɗar cikin mahaifa, kuma idan aka daɗe a haka yana iya kai ta ga daji. Wannan shi ne babban haɗarin sayen maganin a kemis don wata ƙawa ta ce ya yi mata amfani. Wadda aka yi wa aikin saboda indometiriyosis ma akan haɗa mata da furojestaron ko da an cire mahaifar, ko a ba ta ƙwayar tibolon, don kada ragowar naman ciwon ya farfaɗo.

Sai tambaya ta biyu: ta wace hanya? Akwai ƙwaya da ake sha kullum, galibi istiradayol miligiram 1 zuwa 2. Akwai filasta da ake mannawa a ƙasan cibiya ko a ɗuwawu, mai sakin mikirogiram 50 zuwa 100 a rana, wadda yawanci ake canjawa sau biyu a mako. Akwai kuma mai da ake shafawa a cinya ko dantse kowace rana. Bambancin ba na ɗanɗano ba ne. Ƙwaya tana bi ta hanta kafin ta shiga jini, hanta kuma takan ƙara sinadaran daskarar da jini, don haka haɗarin gudan jini yakan ɗan ƙaru. Abin da ya shiga ta fata ba ya bin wannan hanya. Saboda haka mace mai ƙiba, ko mai hawan jini, ko mai ciwon ɓarin kai, ta fata ce ta fi dacewa da ita. Sai dai a garuruwanmu ƙwaya ta fi samuwa kuma ta fi araha, filasta kuma takan ɓalle da gumi a lokacin zafi. Mai amfani da ita ta manna a busasshiyar fata da ba a shafa wa mai ba, ta danne da tafin hannu na ɗan lokaci, ta riƙa sauya wuri, kuma kada ta manna a nono.

Mu koma ga matarmu. A ce ta dawo asibiti a mako na shida, sakamakon gwajin naman da aka cire ya nuna ƙullin ba daji ba ne. Likita ya auna jininta ya ga daidai, ya tambaye ta ko ita ko wata a gidansu ta taɓa yin dajin nono ko gudan jini, ta ce a'a. Ya duba nono, ya rubuta mata istiradayol miligiram 2 kullum. Yawanci cikin mako biyu zuwa huɗu tashin zafin zai ragu sosai, barci ya dawo, da dawowar barci kuma rabin fushin da mantuwar su tafi. Tana iya jin nono ya yi nauyi, ko tashin zuciya, ko kumburin ciki a farko, waɗannan sukan lafa cikin wata uku, kuma shan ƙwayar da abinci da dare yana taimakawa. A wata na uku za ta koma a sake dubawa. Idan har yanzu tana farkawa cikin gumi, adadin bai isa ba, a ƙara ko a sauya zuwa na fata, domin mace mai ƙuruciya ta fi tsohuwa buƙata. Daga nan sai sau ɗaya a shekara: awon jini, duba nono, nauyi, sukari. A watan azumi ba sai ta daina ba, ta mayar da shan ƙwayar bayan buɗa-baki.

A gaskiya bai kamata ta kai mako shida tana wahala ba. Inda babu zargin daji, ana iya fara istirojin, musamman na fata, cikin kwanakin farko bayan aiki. Idan za a jira sakamakon gwajin nama, to a gaya mata abin da ake jira, da abin da za ta ji kafin nan, da ranar da za ta dawo. A ganina, sallamar mace 'yar ƙasa da shekara 45 bayan cire gidajen ƙwai ba tare da wannan bayani ba, barin aiki ne a rabi, komai kyan ɗinkin.

Bushewar gaba tana da nata magani ko da ana shan ƙwaya: man istirojin da ake sa wa a farji kullum na mako biyu, daga nan sau biyu a mako. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke shiga jini. Man santsi na kemis da aka yi don saduwa ma yana rage ciwo nan take. Idan ciwo ya tafi, barci ya daidaita, amma sha'awa ba ta dawo ba kuma abin yana damunta, likitan da ya ƙware yana iya gwada mata testostaron na shafawa a ɗan ƙaramin adadi. Yana da kyau ta je wannan ganawa da maigidanta. Jin bayani daga bakin likita cewa, "Alhaji, ba ƙin ka take yi ba, ciwo ne kuma yana da magani," yana kashe wutar da watanni na rarrashi ba su kashe ba.

Wadda ba za ta iya sha ba

Akwai matan da istirojin bai dace da su ba: wadda ta yi dajin nono, ko wani daji da sinadarin ke ciyarwa, wadda ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, mai ciwon hanta mai tsanani, da mai zubar jini da ba a gano dalilinsa ba. Wadda ta taɓa yin gudan jini sai ƙwararre ya auna lamarinta. Waɗannan su ne suka fi shan wuya, domin ga jinyar daji ga ɗaukewar al'ada lokaci guda, amma ba a rasa abin yi musu ba. Wasu magungunan da aka yi don damuwa, irin su benlafaksin, suna rage tashin zafi a ƙaramin adadi, kuma ba su wa mace ba yana nufin an ce tana da taɓin hankali ba. Gabafentin da dare yana rage gumi ya taimaka wa barci. Mai shan tamoksifen saboda dajin nono ta guji faroksetin, domin yana rage masa ƙarfi. A 2023 Amurka ta amince da wani sabon magani, fezolinetan, wanda ke aiki kai tsaye a wurin auna zafi na ƙwaƙwalwa, sai dai yana da tsada kuma yana buƙatar a riƙa gwajin hanta. Duk waɗannan tashin zafi kaɗai suke ragewa, ba sa kare ƙashi.

Don haka kula da ƙashi ya fi zama wajibi a kansu. Jiki yana buƙatar kalsiyam kimanin miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, kuma nono, kindirmo, riɗi, zogale, kuka da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu duk suna da shi. Bitamin D da ke sa jiki ya tsotse shi daga hasken rana fata ke samunsa, kuma matar da ke wuni a ɗaki, ta fita a rufe ruf, tana iya rasa shi duk da ranar da muke da ita. Zama a tsakar gida da hantsi hannuwa a buɗe yana taimakawa, ko likita ya rubuta na ƙwaya. Tafiya da ƙafa da sauri rabin awa a mafi yawan kwanakin mako tana ƙarfafa ƙashi da zuciya tare. Inda akwai na'urar auna ƙarfin ƙashi, wadda galibi a manyan asibitoci ake samu, ya dace a auna, idan an ga ya yi rauni akwai magungunan da ke tsayar da zaizayewarsa.

Wani abu kuma da magani ba ya taɓawa shi ne baƙin cikin rufe ƙofar haihuwa, musamman ga wadda ba ta haihu ba ko take son ƙari. A al'ummar da ake auna mace da 'ya'ya, wannan rashi ne na gaske, kuma cewa "ki gode wa Allah kin rayu" ba ya isa ya share shi. Idan baƙin cikin ya wuce mako biyu yana hana ta ci da barci da hulɗa, ko ta fara jin gara ta mutu, wannan ciwon damuwa ne da ke buƙatar likita.

Mafi yawan wannan wahala ana iya tare ta tun kafin a shiga ɗakin tiyata, a lokacin sa hannu a takardar amincewa, wadda sau da yawa miji ko ɗan'uwa ke sa wa hannu a tsaye a baranda. Matar da jikinta ne tana da haƙƙin ta tambaya da bakinta: "Likita, mahaifa kaɗai za a cire ko har da gidajen ƙwai? Idan kun buɗe kun ga ɗaya lafiya lau, za ku bar mini shi? Idan dole a cire duka, wane magani zan fara, kuma yaushe?" Wadda aka riga aka yi wa aikin shekarun baya, ba ta sani ba ko an cire ko an bari, ta nemo takardar sallamarta ko ta koma a duba fayil ɗinta. Idan har yanzu ba ta kai hamsin ba, lokacin fara magani bai wuce ba.

Idan matarmu ta kai shekara 51, sai ta zauna da likitanta su sake lissafi, domin daga nan hukuncinta ya koma irin na sauran mata. Wasu sukan ci gaba da ƙaramin adadi saboda alamun suna dawowa, wasu su daina. Mai dainawa gara ta rage a hankali cikin 'yan watanni, daga miligiram 2 zuwa 1 sannan ta tsaya, don kada jikinta ya sake faɗawa irin halin da ya shiga a makon farko bayan aiki. Man farji kuwa tana iya ci gaba da shi muddin tana buƙata.